Babi na 7: Me ya sa aka tsayar da odar mai saye?

Ciniki tsakanin kamfani da mai saye yakan fara ne da takardar farashi. A cikinta ake rubuta kayan, da kuɗinsu, da ranar da farashin zai daina aiki. Wannan takarda tayi ce kawai, ba ta ɗora wa kowa bashi. Idan mai saye ya amince, sai ya ba da oda. Ma'aikatan sito su haɗa kaya su tura, shi kuma ya sa hannu a takardar karɓar kaya. Sannan a rubuta masa inbois, wato takardar neman biya, da wa'adi, misali kwana 30. In ya biya, akanta ya rage masa bashinsa a littafi.

An fi samun cikas tsakanin ba da oda da fitar da kaya, domin a nan ne ake duba iyakar bashi. Duk wanda ake ba kaya bashi, akwai adadin da aka yanka masa, ba a yarda ya wuce shi ba.

Ga wata 'yar kasuwa da aka yanka wa 500,000. Akwai inbois na 320,000 da ba ta biya ba. Ta kawo sabuwar oda ta 90,000, sai kwamfuta ta tsayar. Ta ce, "Haba! Ai ko an haɗa, 410,000 ne."

Abin da ta manta shi ne, ba inbois kaɗai ake ƙirgawa ba. An kai mata kayan 60,000 jiya, ba a riga an rubuta musu inbois ba. Akwai kuma tsohuwar odarta ta 70,000 da ke jiran mota. Duk wannan yana wuyanta. Jimla 450,000 ke nan, in an ƙara sabuwar oda ta zama 540,000. Ta wuce iyaka da 40,000.

Kafin ka ce wa mai saye bashi ya yi masa yawa, don Allah ka fara tambayar akanta. Sau da yawa mutum ya biya, amma bai rubuta lambar inbois ba, sai kuɗin su zauna ba a san na wane ne ba. Alamarsa ita ce, yana riƙe da shaidar biya daga banki, littafi kuwa bai nuna ba. Tsayar da irin wannan mutum bai dace ba.

Idan kuwa bashin gaskiya ne, 'yar kasuwar nan za ta iya biyan 40,000, ko ta rage odar zuwa 50,000. Jami'in kula da bashi ne kaɗai zai saki oda ko ya ƙara iyaka. Ba a barin wannan a hannun mai talla, saboda shi burinsa kaya su fita.

Aiki: Da a ce ta biya 100,000 kuma an shigar, nawa zai rage mata kafin iyaka bayan an karɓi sabuwar odar?