Ka karɓi lambar haraji, sai me? Kurakuran da sabon mai sana'ar kansa ya fi yi

Yawancin masu zaman kansu ba don son haraji suke neman lambar haraji ba. Banki ne ya ce sai da ita zai buɗe asusun kasuwanci, ko wani kamfani ya ce ba zai biya kuɗin aiki ba sai an kawo ta. Mutum ya cike fom, lamba ta fito, ya miƙa wa mai nema, ya ɗauka magana ta ƙare. Alhali ranar da lambar ta fito, ranar ce hukumar haraji ta buɗe fayil da sunansa, kuma a ƙasashe da yawa daga nan za ta riƙa jiran bayanin kuɗin da ya samu kowace shekara. Ma'aikacin albashi wurin aikinsa ne ke cire masa haraji ya kai. Mai sana'ar kansa kuwa shi ne mai lissafi, shi ne mai kai bayani, shi ne mai biya.

Sunan lambar ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Nijeriya TIN ake cewa, a Indiya PAN, a Kenya KRA PIN, a Birtaniya UTR. Dokoki da ranaku ma sun bambanta, amma kurakuran kusan iri ɗaya ne ko'ina.

Yin shiru saboda "ai ban ci riba ba"

Wannan shi ne kuskuren da ya fi ba ni takaici, domin yana faɗa wa wanda ba a bin sa ko kwabo. Mutum ya yi rajista, kasuwa ba ta buɗe ba, shekara ta ƙare bai samu abin kirki ba, sai ya ce tunda babu riba babu abin da zai gaya wa hukuma. Ita kuwa hukuma ba ta san bai samu ba. Abin da take gani kawai shi ne fayil a buɗe, wa'adi ya wuce, bayani bai zo ba.

Kai bayani daban, biyan haraji daban, kuma kowanne da tararsa. A Birtaniya, wanda aka nemi ya kai bayani ta intanet ya wuce 31 ga Janairu, za a ci shi tarar fam 100 ko da harajin da ake bin sa sifili ne. A Kenya wa'adin 30 ga Yuni ne, kuma mafi ƙarancin tarar makara ga mutum ɗaya shilin 2,000 ce. Shi ya sa manhajarsu ta iTax take da wurin da ake kira Nil Return, inda wanda bai samu komai ba zai shiga ya ce bai samu ba. Aikin mintuna kaɗan ne. Amma wanda ya yi sakaci shekara uku, tara uku zai tarar, kuma sau da yawa ba ya sani sai ranar da ya je neman takardar shaidar biyan haraji don wata kwangila, a ce masa akwai bashi a kansa.

Gyaran ba shi da wuya. Ranar da ka karɓi lamba, kada ka tashi sai ka san amsar tambaya uku: yaushe shekarar haraji take farawa ta ƙare, wace rana ce wa'adin kai bayani, kuma wace hukuma ce za ta karɓa. Ta ukun ma tana ruɗa mutane. A Nijeriya, alal misali, mai sana'ar kansa hukumar haraji ta jihar da yake zaune yake kai wa bayaninsa kafin 31 ga Maris, ba ta tarayya ba. Idan kuwa ka riga ka makara, kai bayanin yanzu ba tare da jiran kuɗin biya su haɗu ba, domin a wurare da dama tarar rashin kai bayani ƙaruwa take yi muddin ana shiru. Akwai ma wata fa'ida ga wanda ya yi asara: dokokin ƙasashe da yawa sun yarda a cire asarar bana daga ribar baɗi, amma sai asarar da aka rubuta aka kai.

Kurakuran ranar rajista

Na farko jinkiri ne, a ce sai sana'a ta kankama. Doka ba ta duba kankama, rana ko adadin kuɗi take dubawa. A Birtaniya wanda cinikinsa ya haura fam 1,000 a shekarar haraji dole ya yi rajista kafin 5 ga Oktoban da ya biyo bayan ƙarshen shekarar. A Amurka da zarar ribar aikin kai ta kai dala 400, kai bayani ya wajaba. Nemi iyakar da ƙasarka ta sa, kuma ka rubuta ainihin ranar da ka fara aiki.

Na biyu shi ne yin sabuwar lamba alhali akwai tsohuwa. Wanda ya taɓa aikin albashi mai yiwuwa yana da lamba tun lokacin, ya manta da ita. In ya sake rajista, harajin da aka cire masa zai tafi fayil ɗaya, bayaninsa ya tafi wani, ɗayan kuma ya zauna yana tara tarar shiru. A Indiya mallakar PAN biyu laifi ne mai tarar rupee 10,000. Fara da binciken ko kana da lamba, in kuma ka gano biyu gare ka, rubuta wa hukuma ta soke ɗaya.

Sai kuma danna kowane akwati a fom. Fom ɗin rajista yakan tambayi irin harajin da ya hau kanka: na kuɗin shiga, na VAT wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya da ayyuka, na albashin ma'aikata. Wasu sukan zaɓi duka don kada a ce sun bar wani abu. Kowane akwati wajibi ne da ka ɗora wa kanka, kuma VAT da harajin albashi a ƙasashe da yawa bayanin wata-wata suke bukata. In ba ka da ma'aikaci, cinikinka kuma bai kai iyakar VAT ba, galibi harajin kuɗin shiga kaɗai ya shafe ka. Idan wani ne ya cike maka fom a shagon kwamfuta, duba abin da ya zaɓa, kuma ka tabbata imel da lambar wayar da ya sa naka ne, don can hukuma za ta riƙa aika saƙo.

Ɗaukar ciniki a matsayin riba

A nan ne ake asarar kuɗi mafi yawa, don haka bari mu bi lissafi ɗaya daga farko har ƙarshe. Ƙa'idojin da zan yi amfani da su na misali ne kawai, kowa ya sa na ƙasarsa.

A ce wata mai zanen tallace-tallace ce, a shekararta ta farko kuɗin aikin da ta yi ya kai 400,000. Ta kashe 130,000 a kan aikin: data, kuɗin manhaja, buga samfuri, zirga-zirgar zuwa wurin masu ba ta aiki. Ribarta 270,000 ke nan. A ce doka ta yafe 70,000 na farko, sauran kuma ana cire kashi 15 cikin ɗari. Abin da haraji zai hau shi ne 200,000, harajinta 30,000.

Daga cikin aikin nata, na 240,000 kamfanoni ne suka ba ta, kuma kamar yadda doka ta tilasta musu, sun cire kashi 5 cikin ɗari tun kafin su biya ta suka kai wa hukuma. Wato 12,000 ta riga ta shiga aljihun gwamnati da sunanta. Wannan kuɗi ba ƙarin haraji ba ne, kafin alƙalami ne, za a cire shi daga 30,000. Abin da ya rage mata 18,000.

To idan ba ta ajiye rasit ba fa? Kashe kuɗin da ba za ta iya nunawa ba, hukuma tana da ikon ƙin karɓarsa. Sai lissafi ya koma kan 330,000, haraji ya zama 49,500. Idan kuma ba ta ba kamfanonin lambarta ba, ko sun rubuta ta ba daidai ba, 12,000 ɗin nan ba za ta bayyana a fayil ɗinta ba. Za ta biya 49,500 a inda 18,000 ta ishe ta, aiki ɗaya, shekara ɗaya.

Akwai ƙaramin tarko a nan da ake yawan faɗawa. Kuɗin da ya shigo asusunta daga kamfanonin 228,000 ne, amma abin da za ta rubuta a bayani 240,000 ne, cikakken kuɗin aikin, sannan ta nuna abin da aka cire a wurinsa. In ta rubuta 228,000, lissafinta zai saɓa da wanda kamfanonin suka kai, kuma irin wannan saɓani ne ke jawo wasiƙar tambaya.

Abin da za ta yi tun daga watan farko shi ne ta ware asusun banki na aiki kaɗai, ta sa lambarta a kan kowace takardar neman biya, ta ɗauki hoton kowane rasit ranar da ta karɓa, domin rubutun rasit na inji gogewa yake yi cikin 'yan watanni. Duk wanda ya cire mata haraji ta nemi takardar shaidar cirewar, sannan ta shiga shafin hukuma ta duba ko kuɗin ya hau lambarta. Abin da take amfani da shi don aiki da gida, kamar waya, kason aiki kaɗai za ta cire. Babban kayan aiki irin kwamfuta kuma yana da ƙa'idarsa daban, a wasu ƙasashe rarraba kuɗinsa ake yi a kan shekaru. Takardun nan ba a zubar da su da zarar an kai bayani. A Birtaniya sai an riƙe su aƙalla shekara 5 bayan wa'adi.

Cinye kuɗin kafin wa'adi

Harajin shekarar farko yakan zo ne bayan an daɗe da kashe kuɗin da aka same shi a kai. Wasu ƙasashen kuma ba sa jiran ƙarshen shekara: a Amurka sau huɗu ake biya, a Afrilu, Yuni, Satumba da Janairu. A Birtaniya idan harajinka ya haura fam 1,000, galibi a Janairun farko za a nemi na bara cikakke tare da rabinsa a matsayin somin na bana, wanda ake bin fam 2,000 sai ya ga 3,000 a gabansa. Duk kuɗin da ya shigo, cire wani kaso ka kai asusun da ba ka taɓawa. A misalinmu na sama, kashi 5 cikin ɗari na cikakken kuɗin aikinta, wato 400,000, ya kai 20,000, ya rufe 18,000 da ɗan rara.

Barin sana'a ba tare da sanarwa ba

Wanda ya samu aikin albashi ko ya rufe shago, fayil ɗinsa bai san ya daina ba. Rubuta wa hukuma ranar da ka tsaya, kai bayanin ƙarshe na watannin da ka yi aiki a shekarar, ka nemi a cire maka wajibcin VAT idan da kana da shi, sannan ka karɓi amsarsu a rubuce ka ajiye. Lambar kanta za ta ci gaba da zama taka, a ƙasashe da yawa da ita za ka yi amfani a sabon wurin aikin, da ita kuma za ka koma in ka sake buɗe sana'a.