Darasi na Shida: Yadda Ake Karanta Tsinken Gwajin Zazzaɓin Cizon Sauro

Ku ɗora tsinken gwajin a kan tebur ko wani wuri shimfiɗaɗɗe da ba ya karkata, sannan ku dubi doguwar tagar da ke tsakiyarsa. A gefen tagar akwai haruffa biyu na boko, wato C da T. Ko da mutum bai gama koyon haruffa ba zai iya riƙe waɗannan biyu, domin C kamar jinjirin wata yake, T kuwa sanda ce a tsaye da wata a gicciye a kanta. Kowa ya ɗora yatsa a kan C, sa'an nan a kan T, har sau uku.

Layin da ke fitowa daidai C shi ne shaidar cewa tsinken ya yi aiki, wato ruwan gwajin ya ratsa takardar ciki har ƙarshe. Layin da ke fitowa daidai T shi ne ke nuna akwai alamar ƙwayar cutar a cikin jinin. Saboda haka C ake fara dubawa, kullum, kafin ido ya sauka kan T.

Bayan an sa jini kuma an ɗiga ruwan gwaji, sai a duba agogo a rubuta lokacin. Yawancin tsinkaye suna buƙatar minti 15 zuwa 20, kuma takardar da ke cikin kwalin ita ce za ta faɗi ainihin lokacin da adadin ɗigon da za a sa. Idan an ɗiga ruwan da ƙarfe 10:00 kuma takardar ta ce minti 20, to a karanta da ƙarfe 10:20. Layin da ya ɓullo bayan minti 30 ba a aiki da shi.

Idan layi ya fito a C kaɗai, ba a ga cutar ba. Idan ya fito a C kuma ya fito a T, akwai cutar. A nan ne mafi yawan masu koyo suke tuntuɓe, saboda layin T ba koyaushe yake fitowa da kauri ba. Wani lokaci dishi-dishi yake fitowa, har sai an matsa wurin haske sosai kafin a gan shi. Layi mai dishi-dishi layi ne. Idan C ya fito raɗau, T kuma siriri ne da ƙyar ake ganinsa, sakamakon shi ne akwai cutar, kuma mai jinyar yana buƙatar cikakken magani daga ma'aikacin lafiya. Kada ku damu idan idonku bai saba ba, da yawan dubawa zai saba.

A ɗauki misalin yaro mai zafin jiki tun jiya. A minti na 20 an ga C ya fito raɗau, T kuma kamar inuwa. Mene ne sakamakon? Akwai cutar. Ba a cewa "kaɗan ce", ba a rage magani, kuma ba a sake gwaji don neman layi mai kauri. Na sha jin wasunku suna cewa tunda layin bai fito sosai ba sai a jira gobe. Wannan ganganci ne, kuma wanda ya sake faɗar haka bayan wannan darasi bai saurara ba. A maimaita da baki: in dai an ga T a cikin lokacin da aka ƙayyade, kuma akwai C, to akwai cutar.

Idan kuwa babu layi a C, gwajin ya lalace, ko da T ya fito da kauri. Abin da kan jawo haka shi ne ƙarancin ruwan gwaji, ko tsinken da wa'adinsa ya ƙare, ko wanda zafi ya taɓa ko ledarsa ta yage. Jini mai yawa shi ma yakan bar tagar ta yi jawur har layin ya ɓuya. A jefar da wannan tsinken, a buɗe sabo, a soki yatsa da sabuwar allura, a fara daga farko nan take. Tsinke ɗaya sau ɗaya yake aiki.

Idan ba a ga cutar ba amma zazzaɓin ya ci gaba, a je asibiti a binciki wani dalilin, a sake gwajin in ma'aikacin lafiya ya ga dacewar haka. Jijjiga, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko kasa shan ruwa, ko fita hayyaci, ba a jiran wani gwaji a kansu, asibiti ake tafiya kai tsaye.

Wanda ya gama shan magani kada ya sake gwaji don ya ga ko ya warke, domin alamar da yawancin tsinkaye ke kamawa takan daɗe makonni a cikin jini bayan ƙwayar ta mutu. In zazzaɓi ya dawo a wannan tsakanin, sai a duba jinin da madubin likita.