Yadda na gyara bayanin koyil har aka daina dawo mini da kaya

Alhamdulillahi, na huta. Ina sayar da kayan gyaran mota a Kofar Ruwa, kuma koyil ɗin Corolla, wato abin da ke ba fulogi wuta, ya daɗe yana jawo mini rigima: a saya yau, gobe a dawo da shi.

Da farko na zaci matattu ake kawo mini. Na gwada su a mota, lafiyarsu lau. Sai na ɗora laifin a kan makanikai, ashe nawa ne, don "koyil na Corolla" kawai nake rubutawa a bayanin kayan.

Yanzu lambar da ke jikin koyil ɗin nake fara kwafewa: 90919-02239. Ƙarƙashinta in sa injin da take shiga, 1ZZ-FE, wato Corolla da Matrix ƙirar Amurka, 2003 zuwa 2008. Sannan in faɗi halinsa, sabo a kwali ko tokumbo, da ko na gwada shi. Idan robar da ke rufe fulogi ta tsage, ina faɗa.

Gargaɗin da nake ƙarawa shi ya fi yi mini aiki: ba ya shiga Corolla ta 2009 mai injin 2ZR-FE, nata 90919-02258 ne, ko da sun yi kama a ido. Kafin in karɓi kuɗi, sai mai saye ya turo hoton lambar tsohon koyil ɗinsa na gani.