Yadda na gyara saƙon da ya ƙi wucewa

Aikinmu na kowane minti 5 yana ɗibar saƙonni daga layin SQS, wato layin jiran saƙonni na Amazon, ashe akwai guda ɗaya mai lalataccen JSON, wato tsarin da ake rubuta bayanan saƙon da shi, kullum sai ya faɗi ya dawo layi, sauran na ta jira. Na gane ne da na ga ApproximateReceiveCount ɗinsa, wato ƙidayar sau nawa aka ɗauko shi, ya haura sosai.

Sai na buɗe wani layin daban na matattun saƙonni, na sa maxReceiveCount 5, in ya faɗi sau biyar a tura shi can. Amma fa kar ka mayar da su layin farko a makance, wanda netwok ya kayar zai wuce, lalatacce kuwa sai an gyara shi tukuna. Na kuma ƙara wa layin matattun saƙonnin wa'adi zuwa kwana 14 don kada su goge kafin in duba, na sa ƙararrawar da za ta sanar da ni.