Darasi: Idan kuɗin asurans ɗin mota ya ƙaru ranar sabuntawa

Duk mai mota ko babur a Nijar dole ne ya yanki asurans, wato inshora, wadda za ta biya mutanen da ya yi wa ɓarna a kan hanya. Dokar da ta tilasta haka ita ce dokar CIMA, wato dokar asurans ta haɗin gwiwa wadda ƙasashen Afirka 14 suke aiki da ita, har da Nijar, tun bayan yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992. Mutane da yawa suna zuwa ofis ranar da takardarsu ta ƙare, a faɗa masu kuɗi fiye da na bara, su biya suna gunaguni domin tsoron jandarma a bakin gari. A ranar ƙarshe mutum ba ya iya ciniki. Mai son ragi tun da saura wata uku yake fara shiri.

Kuɗin da ake faɗa maka dunƙule yake, amma a takarda kashi-kashi ne. Akwai kuɗin biyan ɓarnar da ka yi wa wasu, shi ne na dole. Akwai na ƙari da mutum yake zaɓa da kansa, kamar gobara, sata da fashewar gilashi. Sannan akwai kuɗin takarda da harajin gwamnati. Kashi na dole yana da mafi ƙarancin farashi da hukuma ta amince da shi, kamfani yana iya hawa sama da shi amma ba shi da izinin sauka ƙasa. Ana duba yankin da motar take yawo, da ƙarfin injinta, da aikin da take yi, da wanda ya saba tuƙa ta. Saboda haka motar da bara ta gida ce, bana ta koma taksi ko ɗaukar kaya, tilas kuɗinta ya hau.

Bari mu ɗauki misali, kuɗaɗen na koyo ne kawai. Wani ɗan kasuwa a Tawa yana da ƙaramar mota. Bara ya biya jika 55. Bana an ce masa jika 78. Sai ya ce wa ma'aikacin: "Malam, don Allah ɗauko mini takardar bara da ta bana mu jera su." Da aka jera, ga abin da ya fito. Bara kashi na dole jika 50 ne, an rage masa jika 5 saboda bai yi haɗari ba, an ɗora jika 10 na takarda da haraji. Bana ragin jika 5 ɗin nan ya ɓace. An ƙara masa gobara jika 9 da gilashi jika 6, waɗanda bai tuna ya nema ba. Takarda da haraji kuma sun koma jika 13, domin haraji bin sauran kuɗin yake yi, in sun hau ya hau.

Ya fara da ragin da aka cire. Ma'aikacin ya ce an rubuta haɗari a kansa. Gaskiya ne an bugi motarsa a gefen kasuwa, amma tana tsaye ne, kuma takardar 'yan sanda ta nuna laifin ɗaya direban ne. Ya je gida ya ɗauko takardar, aka mayar masa da jika 5 ɗinsa. Wannan shi ya sa nake matsa wa ɗalibaina su adana kowace takardar haɗari, ko da ƙaramin gogi ne. Kamfani da abin da ke rubuce yake aiki, rantsuwa ba ta canza lissafinsa.

Sai maganar gobara, kuma a nan ne kuɗin mutane yake zurarewa ba su sani ba. An lissafa masa jika 9 a kan cewa motar ta kai miliyan 3, alhali in ya kai ta kasuwa yau ba za ta wuce miliyan 2 ba. Doka ta ce kamfani ba ya biyan fiye da darajar abu a ranar da ya lalace. Ke nan ko ya biya a kan miliyan 3, in motar ta ƙone miliyan 2 ne iyakar abin da zai samu. Ya nemi a gyara darajar, kuɗin ya sauko jika 6. Gilashi kuwa ya ce a cire. Sabon lissafi ya zama jika 45 na dole, jika 6 na gobara, jika 11 na takarda da haraji, duka jika 62.

Akwai ragin da bai kamata ka nema ba. Kada ka ce motar gida ce alhali fasinja take ɗauka tsakanin Tawa da Ƙwanni. In kamfani ya gano ƙaryar da gangan ce, yarjejeniyar ta rushe, kuɗin da ka biya kuma ba ya dawowa. In kuskure ne aka gano bayan haɗari, za a rage abin da za a biya ka daidai da giɓin kuɗin da ya kamata ka biya. Haka kuma in wani a bakin tasha ya ce zai yi maka ta dole da rabin kuɗin da ofisoshi suke faɗa, ka ja da baya, takardar jabu ce ake yawan sayarwa haka.

To, in kamfani ya ƙi sauraronka fa? Duba yarjejeniyarka tukuna. In ta wata uku ce ko shida, mai ranar ƙarewa a rubuce, da ranar ta zo kana iya tafiya inda kake so. Sai dai ka sani, yanka gajere sau da yawa a shekara yawanci ya fi yanka na shekara guda tsada. In kuwa irin wadda take sabunta kanta ce kowace shekara, doka ta ba ka damar fita, amma sai ka aika wa kamfanin wasiƙa mai rajista aƙalla wata 2 kafin ranar sabuntawa. Lura da wannan da kyau: abin da doka ta ɗora wa kamfani shi ne ya sanar da kai kuɗin sabuwar shekara kwana 45 kafin ranar. Kwana 45 bai kai wata 2 ba, don haka wanda ya zauna jiran sanarwa yana iya tarar da lokacin fita ya wuce. Ka je da ƙafarka ka tambayi farashi tun da saura wata uku.

Kafin ka bar tsohon kamfani, ka nemi takardar da ta nuna shekarun da ka yi da su da haɗarin da aka rubuta a kanka. Da ita za ka nemi ragi a sabon wuri. Ka zaga ofis biyu ko uku, ko ka bi ta hannun dillalin asurans mai izini, kowa ya rubuta maka farashinsa kashi-kashi a kan abubuwa iri ɗaya. Ka kuma tambayi direbobin tasha wane kamfani ne yake biya ba jan rai, domin a ganina ragin jika 3 bai kai wahalar zirga-zirgar shekara guda ana bin diyya ba.

Tun 2011 ƙa'idar CIMA ita ce asurans ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. Alkawarin baki cewa "ka kawo sauran gobe" ba ya kare ka. Ka biya, ka karɓi rasit mai sunan kamfani, ka duba lambar mota ta yi daidai da ta katin motarka, ka tabbata sabuwar takarda ta fara aiki ranar da tsohuwar ta ƙare.

Aikin gida: kowa ya zo da takardar asurans ɗinsa ko ta wani ɗan gidansu. A littafinka ka rubuta ranar da za ta ƙare, ka ƙirgo wata 2 baya ka rubuta wannan ranar ma. Mai rasit na shekara biyu ya jera su, ya ja layi a ƙarƙashin kashin da ya ƙaru.