Tawagar aikinka ta yi sanyi? Kada ka fara da ƙarin kuɗi

'Yan uwa shugabannin aiki, ga abin da na gani. Tawagata ta mutum shida ta makara da wata biyu, na ƙara alawus, na gyara janareta. Ƙorafi ya ragu, amma aikin bai motsa ba. Haka Herzberg, masanin halayyar ma'aikata, ya faɗa tun 1959: albashi da yanayin ofis gunaguni kawai suke kashewa, himma kuwa daga yabo da riƙa amana take fitowa.

Sai na bi ta hanyar Vroom, wani masanin da ya ce mutum yana dagewa ne in yana ganin ƙoƙarinsa zai kai ga nasara, na tambayi kowa shi kaɗai: in ka dage, kana ganin za a gama? Huɗu suka ce wa'adin ba mai yiwuwa ba ne. Ashe nan gizo ke saƙar! Wanda ya fid da rai, lada ba ya motsa shi. Muka yanka aikin mako-mako, kowa da ɓangaren da zai amsa sunansa.