Yadda ake lissafin 2-0 a cacar tanis

A Yamai na sha ganin matasa suna zuba kuɗi kan 2-0, wato ɗan wasa ya cinye set biyu, manyan zagayen wasan, ba tare da ya rasa ko ɗaya ba, don sunansa kawai, abin yana damuna. Ga yadda ake lissafin.

Da farko duba filin. A ciyawa, kamar Wimbledon, ƙwallo na gudu, mai sabis, wato mai fara bugo ƙwallo, ba ya faɗuwa da sauƙi. A jar ƙasa, kamar Roland Garros, ƙwallo na rage gudu, ana yawan karya sabis, wato a cinye mai sabis. Don haka alƙaluman filin da za a buga kaɗai za ka ɗauka.

Sai ka nemo sau nawa kowannensu ke riƙe sabis ɗinsa. A ce na farko 85 cikin 100, na biyu 80. Wannan tazarar tana ba na farko wajen 60 cikin 100 na cin kowane set.

Yanzu ninka: 0.6 × 0.6 = 0.36. Damar 2-0 ke nan, 36 cikin 100 kacal, a wasan da ba ya wuce set uku.

Raba 1 da 0.36, za ka samu 2.78. In kamfanin caca ya sa 2.40, wato zai ninka kuɗinka sau 2.40 in ka ci, farashin bai kai ba, mayar da jikarka aljihu. Ko ya haura 2.78, sau 64 cikin 100 kuɗin nan tafiya za su yi.